Me za mu rubuta wa SUBEB don yaranmu su yi karatu a firamaren unguwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ce sakatariyar wata ƙungiyar iyayen yara masu buƙata ta musamman. Shugaban Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta jiharmu, wato SUBEB, ya ce mu kawo shawararmu a rubuce, kada ta wuce shafi biyu. Mu dai so muke 'ya'yanmu su yi karatu a firamaren unguwa tare da sauran yara, amma wasu jami'an hukumar suna cewa ai ga makarantar musamman can a babban birni. Me za mu rubuta da zai sa su ɗauki mataki?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya saka muku da alheri, ya raya mana yaran.

Ki fara da sanin wanda zai karanta takardar. Shugaban hukuma zai duba sakin layi na farko, ya rubuta wani abu a gefe da jan biro, ya tura wa darakta. Daraktan, ko na kula da makarantu ne ko na tsare-tsare da ƙididdiga, abu uku zai nema: me ake so a yi, nawa zai ci, daga wane asusu za a ciro kuɗin. In bai ga waɗannan ba, takardar za ta shiga fayil ta kwanta, ko da kuwa ta sa shi hawaye. Don haka kada ku ɓata shafinku na farko wajen neman tausayi. Jami'an nan ba su rasa tausayi ba, kusan kowannensu yana da ɗan uwa ko maƙwabci mai irin wannan yaro. Abin da suka rasa shi ne shawara guda ɗaya da za su iya sa wa hannu ba tare da an ce sun buɗe ƙofar da ba za su iya rufewa ba.

Shawarar da nake ganin ta fi dacewa ku nema ita ce a ɗauki ƙaramar hukuma ɗaya, a raba firamarenta rukuni-rukuni, a ba kowane rukuni malami ɗaya mai horon ilimin musamman wanda zai riƙa zagayawa yana dafa wa malaman aji, a gwada na shekarar karatu guda. Sauran duk abin da za ku rubuta hujja ce ta wannan buƙata. Sakin layin farko zai iya zama kamar haka:

"Mai girma Shugaba, muna roƙon hukuma ta amince da gwajin shekara ɗaya a ƙaramar hukuma ɗaya, inda za a karɓi yara masu nakasa a firamaren da ta fi kusa da gidajensu, a zaɓo malamai 12 daga cikin waɗanda suke karɓar albashi yanzu su zama malaman zagaye, a kuma sa gangaren keke da ƙofa mai faɗi cikin kowace kwangilar gini ta bana. Gwajin ba ya buƙatar ɗaukar sabon ma'aikaci ko gina sabuwar makaranta."

Jimlar ƙarshen nan ita ce za ta sa a ci gaba da karantawa.

To, maganar makarantar musamman. Kada ku zage ta. Tun daga makarantar makafi ta Gindiri da aka buɗe a 1953, zuwa irin ta Tudun Maliki a Kano, waɗannan makarantu su suka yaye yawancin makafi da kurame masu ilimin boko da muke da su a Arewa, kuma malamansu su ne ƙwararrun da za ku buƙata gobe. Hujjarku lissafi ce kawai. Ƙididdigar da UNICEF ta fitar a 2021 ta ce yara kusan miliyan 240 ne a duniya suke da wata nakasa, wato kamar ɗaya cikin goma, kuma yiwuwar a ce yaro bai taɓa shiga makaranta ba ta fi yawa a cikinsu da kashi 49 cikin ɗari. Wannan kiyasin duniya ne, ya kuma haɗa da larurorin da ido ba ya gani, kamar raunin ji da wahalar riƙe karatu, don haka ku rubuta shi a matsayin kiyasi. A ce ƙaramar hukuma tana da yara 30,000 masu shekarun firamare. Ɗaya cikin goma ya ba da 3,000. A ce makarantar musamman ta babban birni tana ɗaukar ɗalibai 1,000, wanda an ma yi mata kara. Ƙaramar hukuma ɗaya tak ta cika irinta uku, jiha irin Kano kuwa tana da ƙananan hukumomi 44. Ko an rage kiyasin zuwa rabi, ko zuwa kwata, amsar ba ta canzawa: babu kasafin da zai gina makarantun kwana da za su ɗauke yaran nan duka. Wanda ya ce a kai su makarantar musamman, a aikace cewa ya yi yawancinsu su zauna a gida, ko da bai nufi haka ba.

Kuma ko da gurbin yana nan, wace uwa ce za ta sa yarinya 'yar shekara shida, wadda ba ta ji ba ta magana, a mota zuwa makarantar kwana mai nisan kilomita ɗari da wani abu? Kun fi ni sanin amsar. Shi ya sa in aka leƙa irin waɗannan makarantu sau da yawa maza sun fi yawa, kuma da yawansu sun shigo aji ɗaya da shekarun da ya kamata a ce sun kusa fita firamare.

Hujja ta biyu ita ce wadda take girgiza jami'ai, domin ba su saba jin ta ba. Yaran nan da yawansu sun riga sun shiga ajin. Ajin da yake da ɗalibai 80, in kiyasin nan ya kusa daidai, akwai kamar takwas a ciki da suke fama da wani abu. Akwai yaron da kunnensa yake zubar ruwa tun yana goye, yana jin rabin abin da malam yake faɗa. Akwai yarinyar da sanƙarau ko ƙyanda ta taɓa wa ji. Akwai zabiya da yake matse ido ya kasa ganin allo, an kuma ajiye shi a bakin taga inda haske yake ƙona masa ido. Akwai mai sikila da take rasa mako biyu kowane zango, da mai farfaɗiya da ya faɗi sau ɗaya a filin taro aka ce wa iyayensa su riƙe shi a gida tukuna. Waɗannan duk suna cikin rajista, gwamnati tana biyan malamin da yake tsaye a gabansu, sai dai sunan da ake kiran su da shi daƙiƙi, har su gaji su daina zuwa a aji uku ko huɗu. Abin da za ku ce wa hukuma shi ne, ba muna roƙon ku ɗauko sabon nauyi ba ne, kuɗin da kuke kashewa a kan waɗannan yara ne yake tafiya a banza.

Doka ku ba ta layi huɗu ko biyar, kada ta wuce haka. Dokar hana nuna bambanci ga masu nakasa ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce a sashe na 17 mai nakasa yana da haƙƙin ilimi ba tare da bambanci ko warewa ba, kyauta har zuwa sakandare. Sashe na 18 ya ce kowace makarantar gwamnati ta zama mai karɓar kowa, ta kasance da aƙalla ma'aikaci ɗaya mai horo da kayan da ake buƙata. Wa'adin shekara biyar da dokar ta bayar na gyara gine-ginen jama'a ya cika tun Janairun 2024. Nijeriya kuma ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa a 2010, kuma sashenta na 24 magana ɗaya yake yi. Amma fa ki yi hattara: lauyan hukuma zai iya cewa dokar tarayya ce, firamare kuwa a hannun jiha take. Don haka ku nemo dokar masu nakasa ta jiharku in majalisarku ta yi, ku ambaci sashenta da lambarsa, ku sa ta gaba da ta tarayya. Sanarwar Salamanca ta 1994 kan karantar da yara masu nakasa tare da sauran yara, wadda ake yawan cika takardu da ita, ni da zan bar ta. Babu daraktan da ya taɓa sakin kuɗi saboda ita.

Yanzu ga yadda gwajin zai kasance, kuma nan ne ya kamata ku kashe rabin takardar. Zan ɗauki misalin ƙaramar hukuma mai firamare 60, ku kuma sai ku sa adadin taku na gaskiya daga ofishin Sakataren Ilimi. A raba su rukuni 12, makaranta biyar-biyar da suke kusa da juna, yadda babur zai iya zagaya su. Makaranta ɗaya a kowane rukuni ta zama cibiya, inda za a ware ɗaki ko ko da kabad mai makulli don kaya. Malamin zagaye yana da kwana biyar da makaranta biyar, kowace ta san ranarta.

Ina za a samo malamai 12? A cikin takardar albashi. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo tana yaye malamai tun ƙarshen shekarun 1970, Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos suna da sashen ilimin musamman. Mutane da yawa sun karanta fannin, aka ɗauke su aiki aka ba su aji biyar su koyar da lissafi, babu wanda ya sake tambayar takardarsu. Ku roƙi a sa sashen ma'aikata ya fitar da sunan duk malamin da yake da NCE ko digiri a wannan fanni. Aikin mako ɗaya ne ga mai kula da fayil. In ba su kai 12 ba, a cike da malaman aji masu haƙuri da son aikin, a tura su makarantar musamman ta jiha su yi zango ɗaya suna koyo a hannun malamanta. Ta nan makarantar musamman take zama uwa ga tsarin maimakon kishiya, kuma ta nan kuke kashe adawar shugabanta, wanda in ya ji ana shirin kwashe masa ɗalibai da kasafi zai riga ku zuwa ofishin shugaban hukuma.

Aikin farko na malamin zagaye shi ne gano yaran, kuma ba ya buƙatar likita. A manna allon gwajin ido mai harafin E a bango, yaro ya tsaya nisan mita 6, ya rufe ido ɗaya ya nuna da yatsunsa inda ƙafafun harafin suka fuskanta. Wanda ya kasa karanta layin allon mai lamba 6/12 a rubuta sunansa a tura shi asibitin ido. Da yawansu tabarau kawai suke buƙata. Na ji kuma, a tsaya bayan yaro a yi masa magana ƙasa-ƙasa ya maimaita, a duba ko kunnen yana ruwa, a tambayi uwa ko yana waiwayowa in an kira shi daga ɗaki. Wannan ba gwajin asibiti ba ne, tacewa ce kawai don a san wa za a tura. Sauran kuma akwai tambayoyin da UNICEF da Rukunin Washington mai aikin ƙididdigar nakasa suka tsara don yara, waɗanda ba sa tambayar ko yaro nakasasshe ne. Tambaya suke ko yana shan wahalar gani, ko ji, ko tafiya, ko fahimtar magana, ko tuna abu, kuma wahalar kaɗan ce, ko mai yawa, ko ba ya iyawa sam. Bambancin babba ne. In ka tambayi hedimasta nakasassu nawa gare ka, zai tuna yaro ɗaya mai sanda ya rubuta 1, ko ya bar gurbin babu komai a fom ɗin ƙidayar makarantu ta shekara. Daga nan sai hukuma ta duba alƙalumanta ta ce ai ba su da yawa.

Aiki na biyu yana cikin aji, kuma yawancinsa ba ya cin ko sisi. Mai raunin ji ya zauna a layin gaba ta gefe, inda zai ga bakin malam ya kuma ga 'yan ajin in suna amsa tambaya, malam kuma ya daina magana yana fuskantar allo. Mai raunin gani ya matso kusa, a sake shafa wa allon baƙi don alli ya fito, malam ya riƙa faɗin abin da yake rubutawa da baki, takardar jarrabawarsa a buga ta da manyan haruffa, girman 18 a kwamfuta ko sama. Zabiya a ɗauke shi daga taga, a bar shi ya sa hula da riga mai dogon hannu ko da sun saɓa wa kayan makaranta, a kuma cire shi daga tsayuwar rana. Ajin da yake da mai keke, in ginin bene ne, a sauko da ajin ƙasa. Mai jinkirin fahimta a gutsura masa aikin, a ba shi tsakuwa ko murfin kwalba ya ƙirga da hannu, a haɗa shi da aboki ɗaya da zai zauna kusa da shi. Wanda rubutu yake yi wa wuya a ƙara masa lokaci ko a tambaye shi da baki. Malamin zagaye yana zama a bayan aji ya kalli darasi, bayan an tashi ya zauna da malamin ajin su rubuta abu biyu ko uku da za a yi wa kowane yaro a rabin shafi, mako mai zuwa ya dawo ya duba ko an yi.

Farfaɗiya ku ba ta layi nata, domin ita ce ta fi sa a kori yaro. Ba a ɗaukar ta ta yawu ko ta taɓawa. In yaro ya faɗi, a janye benci daga kusa da shi, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki, kada a ɗura masa ruwa, in jijjigar ta lafa a juya shi ya kwanta ta gefe. In ta wuce minti biyar a kai shi asibiti. Malamin da aka koya wa wannan a minti goma ba zai gudu daga aji ba, in bai gudu ba kuwa yara ma ba za su gudu ba.

Gini kuwa, ƙa'idar gangaren keke ita ce kowane tsayin santimita ɗaya yana buƙatar tsawon santimita 12. Dakalin ajin da ya tashi santimita 45 daga ƙasa yana buƙatar gangare mai tsawon mita 5.4, da faɗin da bai gaza mita 1.2 ba, ƙofa kuma santimita 90. Na sha ganin abin da ɗan kwangila yake kira gangare: siminti ne aka zuba a kan matakala uku, tsawonsa bai fi mita ɗaya ba, mai ƙafa biyu ma sai ya dafa bango, da damina kuma santsi. An biya kuɗi, an ɗauki hoto, keke bai taɓa hawa ba. Don haka ku rubuta awon a takardarku, ku nemi a sa shi cikin zanen gini da lissafin kayan kwangila, kada injiniya ya sa hannu a biya sai ya auna. Haka banɗaki: ɗaki ɗaya mai faɗi, da ƙarfen dafawa da wurin zama a kan ramin. Yarinyar da sai ta ja jiki da hannu a ƙasan masai za ta daina shan ruwa da safe, daga baya ta daina zuwa. In aka sa waɗannan tun a zane, ƙarin kuɗin kaɗan ne. Fasa gini a gyara daga baya shi ne mai tsada.

Mu zo kan kuɗi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. A tsarin rabon da aka daɗe ana bi, rabin wannan kuɗi shi ne tallafin da sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa, kuma yawancinsa gini da gyara da kujeru ne. Akwai kashi 15 na kayan koyarwa, kashi 10 na horar da malamai, sannan kashi 2 kacal na ilimin masu buƙata ta musamman. Kuskuren da ƙungiyoyi suke yi shi ne su tattara ƙarfinsu a kan wannan kashi 2, wanda in ya iso jiha makarantun musamman suna jiransa, kuma ba ya isar su. Ku bar musu shi, ko ku nemi ɗan abin sayen allon rubutun makafi da tsinkensa da takarda mai kauri. Ku nufi manyan asusun. Gangare da banɗaki su fito daga kuɗin gini. Horon malaman aji ya shiga cikin horon da dama ake yi duk shekara, a ware masa kwana ɗaya ko biyu. Allon gwajin ido da littattafai masu manyan haruffa su fito daga kuɗin kayan koyarwa. Sabon kuɗin da kuke nema da gaske ɗaya ne: kuɗin man babur na malamai 12 a kowane wata. Ku lissafa shi da farashin mai na ranar da kuke rubutu, ku ninka da watannin karatu, ku rubuta jimlar a fili. Kada ku raina shi. Na ga tsari mai kyau ya mutu a zango na biyu saboda malamin zagaye ya gaji da zuba mai daga albashinsa, ya koma zama a makarantar cibiya yana sa hannu a littafi.

Akwai wurin da ya kamata ku faɗi gaskiyar da ba ta yi muku daɗi ba, kuma faɗinta ne zai sa a yarda da sauran. Ba kowane yaro ne zai amfana da a ajiye shi a aji kawai ba. Kurman da ba ya ji sam, in aka sa shi shi kaɗai cikin yara 80 da malamin da bai iya maganar hannu ba, zai shekara shida yana kwafar rubutun allo da kyakkyawan hannu ba tare da ya san ma'anar kalma ɗaya ba. Abin da yake buƙata harshe ne, harshe kuma sai da abokan magana. Don haka kurame a tara su, a buɗe musu aji a makarantun cibiya biyu ko uku cikin ƙaramar hukumar, da malamin da ya iya maganar hannu da gaske, in da hali kurma ne shi ma. Su yi darasi a ajinsu, su haɗu da sauran yara a wasa da taro da aikin hannu. Legas ta daɗe tana da irin waɗannan azuzuwa a cikin firamarenta na gwamnati. Ku kuma lura cewa maganar hannun da yaro ya tashi da ita a gida da kasuwa a ƙasar Hausa daban take da wadda ake koyarwa a makarantu, wadda asalinta daga Amurka ne ta hannun Andrew Foster da ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Malamin kirki yana farawa da wadda yaron ya zo da ita.

Makaho ya fi sauƙin zama a aji, tunda yana jin darasi, amma ziyarar mako-mako ba za ta koya masa rubutun makafi ba. Yana buƙatar darasi kullum a shekararsa ta farko, a cibiya, kafin ya koma firamaren unguwarsu da allonsa. Yaron da larurar ƙwaƙwalwarsa ta yi tsanani, wanda ba ya iya cin abinci ko kewayawa da kansa, ba za a ɗora wa malamin aji shi ba tare da mai taimako ba, kuma gwajin shekarar farko bai kamata ya yi alkawarin abin da ba zai iya ba. Ku rubuta haka ƙarara.

Za a ce muku aji ya cika, manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 amma ga shi ana zuba ɗari a ɗaki. Gaskiya ne, kada ku musa. Amsarku ita ce babu abin da kuka nema daga malamin aji da ya wuce canza wurin zama, faɗin abin da yake rubutawa, da gutsura aiki, kuma waɗannan suna taimakon yaran da ba su da wata larura amma suka kai aji huɗu ba su iya haɗa baƙi da wasali ba. Za a kuma ce iyaye ba za su kawo yaran ba, wasu don kunya, wasu don yaron yana kawo na cefane daga bara. Nan aikinku ne ba na hukuma ba, sai ku ɗauki alkawarinsa a rubuce: ƙungiyarku za ta bi gida-gida tare da mai unguwa da kwamitin gudanar da makaranta, ta kuma je gaisuwa wurin sarkin makafi da sarkin guragu kafin a fara komai. In waɗannan suka ce a kai yara, za a kai. Ku tuna musu da 'yan jagora ma, yara masu lafiya da suke rasa makaranta don suna riƙe wa iyayensu sanda.

Daga ƙarshen shafi na biyu ku faɗi yadda hukuma za ta gane ko gwajin ya yi aiki, domin jami'i yana son abin da zai nuna wa gwamna. Yawan waɗanda aka yi wa rajista a zango na ɗaya ba ya nuna komai, ranar rabon keke da jaka kowa yana zuwa. A kwatanta sunayen zango na ɗaya da waɗanda suke zuwa a zango na uku, maza daban mata daban. A duba cikin waɗanda aka tura asibitin ido nawa suka dawo da tabarau a fuskarsu. A gwada karatun yaran a farkon shekara da ƙarshenta da gwaji iri ɗaya. Sannan jami'in sa ido ya shiga aji ba sanarwa ya ga inda yaron yake zaune, ya tambayi ina kayan suke. In suna cikin kwali a ofishin hedimasta don kada su lalace, an san inda aka kwana. Hatsari mafi girma shi ne Sakataren Ilimi ya ga wata makaranta ba ta da malamin aji shida ya ɗauki malamin zagaye ya toshe gurbin da shi. Ku nemi takardar naɗin ta fito daga hedikwatar hukuma, ta ce ba za a ba shi aji ba, ba kuma za a canza masa wurin aiki ba har shekara biyu sai da sa hannun shugaba.

Lokacin kai takardar ma yana da muhimmanci. Ku kai ta kafin hukuma ta kammala tsarin ayyukanta na shekara da take tura wa UBEC, kuma kafin ma'aikatu su miƙa kiyasin kasafinsu, wanda yawanci a rabin shekara na biyu ake yi. In an riga an rufe, amsar da za ku samu ita ce sai baɗi. Kafin ku shiga wurin shugaba, ku nuna daftarin ga jami'in da yake riƙe da teburin ilimin musamman a hukumar, ku bar shi ya gyara wani abu, domin shi za a turo wa takardar ya yi sharhi. Ku je ku uku ko huɗu, a cikinku har da babba mai nakasa wanda ya yi karatu yana aiki, shi ya yi magana da bakinsa ko da hannunsa. Ku riƙe kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya, ku kuma tambayi sunan daraktan da za ku tuntuɓa bayan mako biyu.